Neman shawara: suna ɗaya yana fitowa a shafi biyu, wani kuma ya ɓace, alhali na sa ORDER BY

Hadiza, Gusau: Assalamu alaikum. Ina kula da bayanan wata ƙungiya da ke ba ɗalibai tallafin karatu, kuma muna amfani da PostgreSQL. Mutum 240 ne suka yi rajista, za a ɗauki 50 da suka fi maki, ina kuma buga sunayen ashirin-ashirin da wannan umarnin:

```sql
SELECT lamba, suna, maki FROM dalibai
ORDER BY maki DESC
LIMIT 20 OFFSET 20;
```

Mutum 12 da ba su zauna jarrabawar ba su ne a saman shafin farko. Sannan wata ɗaliba mai maki 68 ta fito a shafi na biyu da na uku, wani mai 68 kuma bai fito ko'ina ba. Don Allah ina kuskuren yake?

Nasiru, Ƙauran Namoda: Wa alaikumus salam. Ina kyautata zaton an shigar da ɗalibar sau biyu ne lokacin rajista. Ki sa `DISTINCT` bayan `SELECT`, maimaicin zai tafi.

Hadiza: Na gode, Malam Nasiru, amma na riga na bincika. Layinta ɗaya ne a teburin, kuma `lamba` ita ce `PRIMARY KEY`, ba ta maimaituwa.

Malam Bello, Birnin Kebbi: Malama Hadiza, teburinki lafiya lau yake, umarnin ne bai gama faɗin abin da kike so ba. Kin ce a jera bisa maki, an kuma jera, amma ba ki faɗi wanda zai gabata ba idan mutum biyu suka yi kunnen doki, kuma a irin wannan hali ƙa'idar SQL ba ta yi alkawarin komai ba. Kafin na ci gaba, ki gaya mana mutum nawa ne suka samu 68, da kuma matsayin da suka faɗa a jerin.

Hadiza: Mutum tara ne, kuma a jerin da nake samu yanzu suna tsakanin na 37 da na 45.

Malam Bello: To, ga bakin zaren nan. Shafi na biyu yana ƙarewa a kan na 40, saboda haka huɗu daga cikin taran ne za su shiga cikinsa, biyar su tsallaka zuwa na uku. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne kowane shafi umarni ne mai zaman kansa, wanda bai san abin da ɗan'uwansa ya fitar ba. Domin shafi na biyu, PostgreSQL yana buƙatar mutum 40 na sama ne kawai, ya zubar da 20 na farko. Domin na uku yana buƙatar 60, ya zubar da 40. Ba ya wahalar da kansa da jera dukan 240 ɗin, yana riƙe adadin da ake buƙata ne yana watsar da sauran, kuma idan kika sa `EXPLAIN ANALYZE` a gaban umarnin, mai yiwuwa ki ga `top-N heapsort` a inda aka rubuta `Sort Method`. Wannan hanyar ba ta kiyaye wanda ya riga wani shiga a tsakanin masu maki ɗaya. Don haka huɗun da suka dace da gurbi a karon farko ba lallai su zama su ne huɗun da aka zubar a karo na biyu ba. Ɗalibarki ta shiga cikin huɗun a lissafin farko, ta koma cikin biyar ɗin a na biyu, shi kuwa wanda ya ɓace akasin haka ya same shi.

Ko da kin ga jerin ya zauna daram yau, kada ki sakankance. A PostgreSQL, duk lokacin da aka yi `UPDATE`, sabon kwafin layin ake rubutawa a wani wuri, don haka gyaran harafi ɗaya a sunan wani yana iya sauya yadda ake karanto teburin gobe.

Sa'adatu, Argungu: Ni abin da nake yi shi ne na ƙara suna, wato `ORDER BY maki DESC, suna`. Waɗanda ba su da maki kuma na mayar da su sifili da `COALESCE(maki, 0)`, sai su gangara ƙasa da kansu.

Malam Bello: Hajiya Sa'adatu ta kama hanya, sai dai suna yana rage kunnen doki ne, ba ya kawar da shi. A ƙasarmu ba abin mamaki ba ne a samu Abubakar Muhammad biyu a aji ɗaya, kuma ranar da biyun suka samu maki ɗaya a bakin shafi, matsalar ta dawo, ta kuma fi wuyar ganewa domin ba kullum take bayyana ba. Abin da zai zo a ƙarshen `ORDER BY` dole ya zama wanda ba ya maimaituwa kuma ba ya zama fanko. Batun sifili kuwa ban goyi bayansa ba, domin wanda ya zauna jarrabawa ya samu sifili da wanda bai zo ba sam ba hukuncinsu ɗaya ba, kuma `COALESCE` zai cakuɗa su wuri guda. PostgreSQL yana ɗaukar `NULL` tamkar ya fi kowace ƙima girma, shi ya sa `DESC` ya ɗora mutum 12 ɗin a sama. Gyaran biyu duka ga shi:

```sql
ORDER BY maki DESC NULLS LAST, lamba
```

Umar, Talatar Mafara: Gaskiya na yi mamaki, domin shekara uku ina jera sakamakon makarantarmu da `DESC` a MySQL, ban taɓa ganin marasa maki a sama ba. Na kuma gwada `NULLS LAST` yanzu, sai ya ba ni kuskure.

Malam Bello: Abin da ka gani daidai ne, Umar. MySQL da SQLite da SQL Server suna ɗaukar `NULL` a matsayin mafi ƙanƙanta, Oracle kuma yana tare da PostgreSQL. Kai za ka gamu da su a sama ne ranar da ka jera daga ƙarami zuwa babba. MySQL bai san `NULLS LAST` ba, amma kana iya rubuta `ORDER BY maki IS NULL, maki`, domin sharaɗin farko yana ba da 0 ga mai maki, 1 ga marar maki. Batun kunnen doki kuma yana nan a wurinka kamar yadda yake a wurinta.

Hadiza: Allah ya saka da alheri, shafukan sun daidaita, na ƙirga 240 babu maimaici. Sai dai yanzu na ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Mutum shida ne suka samu 61, daga na 48 zuwa na 53, gurbi uku kuma ya rage. Da wannan gyaran, masu ƙaramar lamba ne za su shiga, wato waɗanda suka riga yin rajista, alhali ba mu taɓa shaida wa kowa cewa sammako yana cikin ma'auni ba.

Malam Bello: Wannan ba hukuncin da ya dace ki bar wa `lamba` ba ne. Daga PostgreSQL 13 ana iya neman a fito da duk wanda ya yi daidai da na ƙarshe:

```sql
ORDER BY maki DESC NULLS LAST
FETCH FIRST 50 ROWS WITH TIES;
```

A nan ki cire `lamba` daga `ORDER BY`, domin idan tana nan babu sauran kunnen dokin da za a gani, kuma 50 cif za ki samu. Idan kin cire ta za ki samu 53, sai ki kai wa kwamiti takardar a haka.

Sa'adatu: Ni a ganina wanda ya riga rajista ya nuna himma, kuma fifita shi ba zalunci ba ne.

Hadiza: Wasu daga ƙauyuka suke, sai ranar kasuwa suke samun shigowa gari su cike takarda. Zan kai sunayen shidan ga kwamiti ranar Litinin, in Allah ya yarda, tare da shawarar a duba makin lissafi tsakaninsu, ko da yake biyu daga cikinsu a nan ma 14 suka samu.