Ɗige-ɗige a ganyen gyaɗata: cuta ce ko ƙwari?

Sabon Manomi: Assalamu alaikum. Ga hoton ganyen gyaɗata, wasu ɗige-ɗige ne masu ruwan ƙasa suka feso mata, kuma ganyen ya fara rawaya. Don Allah mene ne wannan, kuma wane magani zan fesa?

Mai Tankin Feshi: Wa alaikumus salam. Ƙwari ne, ɗan'uwa. Nemi maganin ƙwari mai ƙarfi ka fesa da yamma, kwana uku za ka ga canji.

Baba Dattijo: A'a, ɗana, kada ka sa shi asarar kuɗi. Ƙwaro in ya ci ganye yakan bar huda ko ya tauna gefe, wannan kuwa lafiyayyen ganye ne sai tabo. Ni a ganina tsatsa ce. Da ruwa ya yi yawa haka take fitowa.

Malamin Gona: Wa alaikumus salam. Baba ya yi gaskiya cewa wannan bai yi kama da cin ƙwari ba, amma ban yarda a yanke cewa tsatsa ce daga wannan hoton ba. Malam, ganye ɗaya ka ɗauka, ta samansa, kuma cikin rana tsaka, har hasken ya wanke launin. A gyaɗa akwai cututtukan fangas, wato dangin fumfuna, guda uku da kan yi kama da juna in ta sama aka kalle su: ɗigon ganye na farko-farko, ɗigon ganye na baya-baya, da tsatsa. Abin da ke raba su yana bayan ganyen, inda hotonka bai nuna mana ba.

Ka koma gona da safe ka tsinko ganye kamar goma daga wurare daban-daban. Ka juya bayan kowanne ka dubi launin tabon, ka shafa da yatsa ka ji ko sumul yake ko da kaushi, sannan ka goga a farin ƙyalle. Ka kuma gaya mana kwananta nawa da shuka, ko daga ganyen ƙasa abin ya fara ko daga na sama, ko ganyen yana zuba, da abin da ka shuka a wurin bara. In an fesa wani abu kwanan nan, ko kai ko maƙwabcinka, shi ma ka faɗa.

Hajiya Mai Lambu: Malam, ni ma tawa ce ta dame ni. Ba tabo ko ɗaya, amma wasu gindin sun tsugune sun ƙi girma, ganyen ƙanana ya cukurkuɗe ya yi rawaya. Maganin da za a ba shi zai yi mini?

Malamin Gona: Hajiya, taki daban ce. Yadda kika siffanta ta ya fi kama da kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, kuma maganin fangas ba ya taɓa ta. Ki duba ƙarƙashin sabon toho ko za ki ga ƙananan baƙaƙen ƙwari sun taru. Kin ga ke ba ki turo hoto ba, amma da kika ce "ba tabo" da "sun tsugune" kin riga kin fitar da cuta uku daga lissafi.

Sabon Manomi: Malam, na je na duba. Kwananta 56, irin mai kwana 90 ce. Daga ƙasa ya fara, ganyen da ke kusa da gindi duk sun kamu, wasu har sun zube, ƙasan kunya ya cika da busasshen ganye. Ta baya tabon baƙi ne sosai, zagayayye, yana da ɗan kaushi. Na goga a ƙyalle ban ga wani jan gari ba. Ya fi yawa inda shukar ta yi cunkoso. Bara ma gyaɗa na yi a wurin. Sai dai a gefen iyaka akwai wasu ganyen sama masu farin tabo busasshe, kuma maƙwabcina ya fesa maganin ciyawa makon jiya.

Malamin Gona: Yauwa, yanzu ka ba mu abin aiki. Da tsatsa ce, da ka ga ƙananan ƙuraje masu ruwan lemo a bayan ganyen, da sun fashe sun bar maka gari a ƙyalle. Sannan ganyen da tsatsa ta kashe yakan bushe ya ci gaba da maƙalewa a jikin reshe, naka kuwa zuba yake yi. Wannan zubar halin ɗigon ganye ce.

Tsakanin biyun kuma, na farko-farko kan fito tun gyaɗa na da wata guda ko ƙasa da haka, tabonsa ta baya ruwan ƙasa ne mai haske kuma sumul, don ta saman ganye yake fitar da irinsa. Na baya-baya kan zo daga mako shida zuwa takwas, baƙi ne ta baya, kuma kaushin nan da ka ji shi ne tarin irin cutar. Mutane da yawa suna dogara da rawayan zoben da ke kewaye tabo, suna cewa in akwai shi to na farko ne. Yakan taimaka, amma ba ya isa hujja, don wani irin gyaɗar yakan yi zobe a duka biyun. Abin da ka faɗa ya fi karkata ga na baya-baya, ko da yake ba mamaki duka biyun suna gonar.

In kana so ka ƙara tabbatarwa, sa ganye huɗu ko biyar a leda tare da jiƙaƙƙiyar takarda, ka ɗaure, ka ajiye a inuwa kwana ɗaya zuwa biyu. Ka duba da madubin ƙara girma: in ɗan gashi-gashi ya tsiro a kan tabon ta baya, na baya-baya ne, in ta sama ne, na farko. Ka sa na gefen iyakar a leda daban. Ƙunar magani ba ta tsirar da komai, kuma ba ta bin sabon ganyen da ya fito bayan feshi.

Batun feshi, da sauran wajen kwana 34 kafin cira, lokacin da 'ya'ya ke cika, kuma ganyen ne ke ciyar da su. Maganin fangas kake buƙata, irin su mankozeb ko tebukonazol, sau biyu da tazarar kwana 14, a bisa ma'aunin da ke jikin kwalin. Ka karkatar da bakin feshin ya jiƙa bayan ganye da cikin cunkoson. Tabon da ya riga ya fito ba zai goge ba, ganyen da bai kamu ba ake karewa.

Baba Dattijo: Na karɓa, ba tsatsa ba ce. Amma Malam, mu a wurinmu zubar ganye alamar nuna ce. Gyaɗar da ta kusa cira, anya feshin zai biya kuɗinsa?

Malamin Gona: Baba, da a kwana 80 ta fara zuba, da ni ma na ce ya bar ta. A kwana 56 cuta ce ke zubar da shi, ba nuna ba, kuma wanda ya bi ganye ya cire da wuri zai tarar da kwanso ba ƙwaya. A tona gindi ɗaya a fasa: in cikin ɓawon ya yi duhu ta nuna, in fari ne fat da saura. Ko zai biya kuɗinsa, wannan ya danganta da ko ruwa zai ci gaba da sauka, don danshi ne ke hura cutar.

Mai Tankin Feshi: To ya haɗa da maganin ƙwarin a tanki ɗaya mana, ya huta.

Baba Dattijo: Bai ga ƙwaro ba, me zai kashe?

Sabon Manomi: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na sa ganyen a leda. Amma Malam, dabbobina nake ba harawar gyaɗar, feshin ba zai cutar da su ba? Kuma baɗi fa?

Malamin Gona: Karanta kwalin kafin ka saya. Za ka ga kwanakin da ake jira tsakanin feshi na ƙarshe da girbi, kuma wasu magungunan sun hana a ba dabba harawar gaba ɗaya, irin waɗannan ka kauce musu. Baɗi kada ka maimaita gyaɗa a wurin, don a tarkacen bara cutar ke kwana. Sa masara ko dawa shekara ɗaya ko biyu, kuma ka tuge duk gyauron gyaɗar da ya tsiro. Jibi ka faɗa mana ta wane gefe gashin ya fito, da abin da ka gani a ledar gefen iyaka.