Murabba'in mita 6,000 a fili mai gindi mita 30 da tsayi santimita 400?

Jama'a, ku taimaka mini. Ƙanena ɗan sakandare a nan Gombe, malaminsu ya ba su aikin gida: su nemo girman fili mai kusurwa uku, gindinsa mita 30, tsayinsa santimita 400. Ya ninka 30 da 400, ya raba biyu, ya samu 6,000.

Hankalina bai kwanta ba. Fulotinmu na ƙafa 50 da 100 bai kai murabba'in mita 465 ba, ina wannan siririn fili zai ninka shi fiye da goma? Na mayar da 400 mita 4, sai ga 60.

Inda na maƙale: a zanen, 400 ɗin na jikin gefen da ya karkace. Shi ne tsayin, ko sai wanda ya sauko a miƙe kan gindi? Gobe zai miƙa.