Tallar Murya: Wai "Haske" Laifi Ne?

Maman Ilham: Jama'a ku raba ni da mutane. Na yi tallar mai ta murya, minti 2 da rabi, na tura gurup shida, ko mutum ɗaya bai tambayi kuɗin ba, wata ma cewa ta yi na cika surutu. Ni na ce tallar da ta kai minti 2 ta fi shiga rai. Amma ga gajeriyar da na sake rubutawa, ku duba min:

"Assalamu alaikum mata, Maman Ilham ce mai kayan kwalliya. Idan fatarki tana bushewa tana yin fari-fari ko kin shafa mai, ga mai na man kaɗe da gilisarin. Yana sa fata laushi da haske, ba ya maiƙo, ƙamshinsa ba ya hawa kai. Kwalba 20 suka rage. Lambata tana ƙasan wannan saƙo, ki turo min kalmar 'mai' kawai."

Anti Binta: Ƙanwata, wannan ta fi ta farko nesa ba kusa ba. Mutum yana faɗin kalma biyu da 'yan kai a sakan ɗaya idan bai yi sauri ba, to kalma 60 ɗin nan ba za ta kai sakan 30 ba. Mace tana ganin 2:30 a jikin saƙo take wucewa, ko ta sa shi a 2x ta ji ki kamar tsuntsu. Kuma kin yi dabara da kika fara da bushewar fata kafin sunan kaya, wadda abin ya dama za ta tsaya. Gyara ɗaya: "lambata tana ƙasa" ba zai yi ba. Idan wata ta tura muryar zuwa wani gurup, muryar kaɗai ke tafiya, rubutun da kika sa a ƙasa ya tsaya a baya, sunanki ma ba ya fitowa a kai. Ki faɗi lambar da bakinki a ƙarshe, a hankali, sau biyu.

Zee Kwalliya: Sau biyu kuma Anti? Ai sakan 30 ɗin naki ya tashi. Babu mai rubuta lamba daga murya.

Hajiya Rabi: Ni duk ba wannan ba. "Haske" fa? Bilicin kenan aka sakaya.

Maman Ilham: Haba Hajiya! Ina man kaɗe ina bilicin?

Hajiya Rabi: To me ya kai ki cewa haske? Duk mai sayar da man canza fata da wannan kalmar take fakewa. 'Yar ƙanwata haka aka ce mata "haske kawai", yanzu gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, fuska fara.

Zee Kwalliya: Haske daban, fari daban. Fatar da ta sha mai tana ƙyalli, shi ne haske. Ku daina ɓata wa 'yan kasuwa suna.

Anti Binta: Zee, wannan ai sheƙi ne. Man kaɗe da gilisarin danshi suke riƙe wa fata, ba sa rage launi ko kaɗan. Masu rage launi su ne irin su haidurokwinon, da mayukan sitiroyid, da wanda aka zuba wa makyuri, kuma su ne ke sirantar da fata ko su taɓa ƙoda. Matsalar ita ce wadda ta ji "haske" fari take jira. Ta shafa mako biyu ba ta ga komai ba, ta dawo gurup ɗin da kika yi tallar ta ce kin yaudare ta. Ki ce "laushi da sheƙi", kin huta.

Zee Kwalliya: Ta ce sheƙi ta zauna da kayanta. Haske ne ke sayar da mai, kowa ya sani.

Ummi: Don Allah man yana maganin ƙurajen fuska? Nawa ne?

Hajiya Rabi: Kun ji ko? Zee da bakinta ta faɗa. Dama ke ce kike tallar sabulun "kwana 7".

Zee Kwalliya: Hajiya da girmanki. Sabuluna ya shigo nan ta ina? Ke da kike sayen hoda a wajen kishiyar sana'ata, ai dole.

Hajiya Rabi: Inda na ga dama zan saya, yarinya.

Maman Ilham: Ni fa tsawon talla na tambaya.

Fati (mai kula da gurup): Ya isa haka. A taƙaice: kowa ya yarda tallar Maman Ilham ta yi kyau, kuma "haske" kalma ce ta Hausa da ba wanda ya isa ya hana, ni ma ita nake sawa a tallar man leɓena. Maganar lamba, ta yi yadda ta ga ya fi mata. Hajiya da Zee ku ƙarasa ta bayan fage.

Anti Binta: Fati, ni ban yarda da haske ba fa.

Fati (mai kula da gurup): An rufe, Anti.