Wace kalma za mu sa wa `Variance` a rahoton kasafin sashe?

Akanta daga Kawo: Jama'a salamu alaikum. Ina mayar da rahoton wata-wata na sashen sufuri zuwa Hausa saboda masu kula da direbobi. Kasafi da abin da aka kashe ba su ba ni wahala ba. Inda na cije shi ne `Variance`, da alamomin `F` da `A` da ke gefensa, wato Favourable da Adverse, sai jimillar da ake haɗowa daga layuka zuwa sashe. Na fara sa "giɓi" amma raina bai kwanta ba.

Mai binciken kuɗi, Barnawa: Wa alaikumus salam. Gara da bai kwanta ba, Malam. Giɓi ya riga ya sami aikinsa: duk wanda ya ji giɓin kasafi ya san kuɗi ne ba su isa ba. Ita kuwa wannan kalmar ba ta da ɓangare, nisan da ke tsakanin abin da aka tsara da abin da ya faru kawai take nunawa. Ni "rata" nake cewa, ratar kasafi.

Ɗan kasuwa, Kasuwar Barci: To ai sauran mai sauƙi ne. `F` riba, `A` asara.

Mai binciken kuɗi, Barnawa: Alhaji, ka kama hanya amma ba ka ƙarasa ba. Ɗauki misali. An ware wa man dizal naira 1,200,000, aka kashe 1,450,000. Rata 250,000 ce, kuma `A` ce. An ware wa gyaran motoci 600,000, aka kashe 380,000, rata 220,000, `F`. Wannan 220,000 ɗin ba riba ba ce. Sau da yawa idan ka buɗe fayil za ka tarar bakanike ya gama aikin, takardar kuɗinsa ce ba ta iso ba, ko kuma an ɗage juyen mai zuwa wata mai zuwa. Ka rubuta "riba" a wurin, manaja zai yi murna, wata na gaba kuɗin su faɗo masa gaba ɗaya.

Malamar akanta, Tudun Wada: Ina goyon bayan rata. Alamomin kuma ɗalibaina sun fi gane "sauƙi" da "matsi": ratar da ta sassauta wa sashe, da wadda ta matse shi. Dalilin da ya sa na guji "ƙari" da "ragi" shi ne layin kuɗin shiga. A ce sashen yana ba da hayar motoci, an sa ran 900,000, aka samu 800,000. Adadin ya yi ƙasa da kasafi kamar yadda na gyara ya yi, amma na gyara sauƙi ne, wannan matsi ne. Shi ya sa ragewar take juyawa bisa irin layin. A Excel, idan shafin `B` irin layi ne, `C` kasafi, `D` abin da ya faru:

```
E2: =IF(B2="Shiga",D2-C2,C2-D2)
F2: =IF(E2>0,"S",IF(E2<0,"M",""))
```

Wanda ya ja `C2-D2` kaɗai daga sama har ƙasa, alamun kuɗin shigarsa duka za su fito a juye.

Ma'ajin ƙungiya, Rigasa: Hajiya, mu a wurinmu an ƙirga akwati an ga 40,000 babu. Ita ma ratar matsi ce ke nan?

Malamar akanta, Tudun Wada: A'a Malam, wannan saɓani ne tsakanin littafi da kuɗin hannu, bincike yake so. Rata kasafi take kallo, ba akwati ba.

Akanta daga Kawo: Na karɓi rata, sauƙi da matsi. Saura jimillar. "Jimilla" kawai ba za ta wadatar ba?

Mai binciken kuɗi, Barnawa: Ni "tattararriyar jimilla" na fi so, don a tuna cewa tattaro ta aka yi, kuma tana iya ɓoye abu. Haɗa dizal da gyara: kasafi 1,800,000, an kashe 1,830,000, matsi 30,000 kacal, bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Wanda ya tsaya a nan zai ce lafiya lau, alhali dizal kaɗai ya wuce kasafinsa da kusan kashi 21. Kuma kason jimilla daga jimillar ake fitar da shi, ba a tara kason layuka. Sannan a kula da `SUM`: idan ya bi ta kan ƙananan jimilloli zai ƙirga su sau biyu. `SUBTOTAL(9,...)` yana tsallake 'yan'uwansa da ke cikin zangon.

Malamar akanta, Tudun Wada: Tattararriya ta yi tsawo a kan shafi, Malam, sai an faɗaɗa gurbin. Ni dai "jimilla hawa-hawa" nake rubutawa, tunda daga layi take hawa zuwa rukuni, daga rukuni zuwa sashe.

Akanta daga Kawo: Zan buga kowacce a takarda ɗaya in miƙa wa masu kula da direbobin ranar Litinin, mu ga wadda za su karanta ba tare da sun tambaye ni ba.