Neman kalmar Hausa: me za mu kira lissafin ruwan saman wurin da ba a kafa ma'auni ba?

Nafisa, Samaru: Salamu alaikum. Ina rubuta takarda da Hausa don malaman gona. Muna da ma'aunan ruwan sama 14 daga kewayen Zariya zuwa Giwa da Soba, ina so in yi taswirar da kowace gona za ta sami adadi, ko da ba ma'auni a cikinta. A manhajar taswira ta QGIS abin yana ƙarƙashin `Interpolation`, hanyoyin da nake gwadawa kuma `IDW` da `kriging` ne. Na fara rubuta "hasashe", amma zuciyata ba ta kwanta ba. Malamai, a taimaka.

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Ai hasashe daidai ne, Malama. Shi muke ji duk shekara in NiMet ta fitar da bayanin damina.

Nafisa: Nan matsalar take, Malam. In na ce hasashe, manomi zai ɗauka ruwan gobe nake nufi. Wannan kuwa ruwa ne da ya riga ya sauka, ba a dai auna shi a wurin ba.

Sani, Tudun Wada: Ni "cike giɓi" nake cewa. Akwai giɓi tsakanin tasha da tasha, kwamfuta ta cike. Kowa zai gane.

Dakta Hauwa: Sani, ka kusa, sai dai akwai wani aiki da ya fi cancantar sunan: ranar da mai karatun ma'auni bai je ba, layi ya zama fanko a littafin, a zo a cike shi. Wancan giɓin lokaci ne, na Nafisa giɓin wuri ne. Ni ina ba da shawarar "ƙiyasin tsakani". Duk wanda ya yi karatun zaure ya san ƙiyasi: a fitar da hukuncin abin da ba a sani ba daga wanda aka sani, bisa dalili. Ba kintace ba ne. "Tsakani" kuma yana tuna mana iyakar abin. In tasharki ta ƙarshe tana Giwa, kika bar taswira ta miƙe har Funtua, kin fita daga tsakani. Sakamakon kuma a kira shi "shimfiɗa", don kamar tabarma yake, ya rufe ko'ina.

Nafisa: Ƙiyasin tsakani ya zauna mini. To `IDW` fa?

Dakta Hauwa: Bari mu yi lissafin, sunan zai fito da kansa. A ce gona tana da ma'auni biyu: ɗaya a nisan kilomita 10 ya sami milimita 40, ɗaya a kilomita 20 ya sami milimita 10. Kowanne ana ba shi nauyi da `1/d^p`, inda `d` ne nisa, `p` kuma lamba ce da kike zaɓa. In `p` 2 ne, na kusa yana da 1/100, na nesa 1/400, wato huɗu da ɗaya. Sai ki ce (4×40 + 10) ÷ 5, ki sami milimita 34. In kika mai da `p` 1, nauyin ya koma biyu da ɗaya, amsa 30. Ruwan bai canza ba, lambar da kika zaɓa ce ta motsa amsar. Ni "nauyin kusanci" nake kiransa a aji. Donald Shepard ne ya bayyana hanyar a 1968, amma ba a cika kiranta da sunansa ba, don haka fassara ta fi.

Tana da hali biyu da ya kamata ki faɗa wa malaman gona. Ba ta taɓa ba da adadin da ya wuce mafi girman abin da aka auna, ko ya gaza mafi ƙanƙanta. Sannan takan zana zobe-zobe kewaye da kowace tasha, musamman wadda ta bambanta da maƙwabtanta.

Auwal, Shika: Wallahi zoben nan ya taɓa ba ni wahala. Na ga farin da'ira a tsakiyar taswirar watan Agusta, na kwana biyu ina neman dalilin fari a wurin. Ashe wanda ya shigar da bayanan sifili ya sa a ranakun da ba a karanta ma'aunin ba. Tun daga nan duk zoben da na gani, littafin tashar nake fara buɗewa.

Sani: Shi ya sa ni nake cewa a bar wannan, a yi `kriging` kawai, ya fi daidai. Sunansa ma a ce "ƙiyasi mai inganci".

Dakta Hauwa: A'a Sani, kada mu sa yabo cikin suna. Kalmar daga sunan mutum take, Danie Krige, injiniyan ma'adinai na Afirka ta Kudu, wanda ya yi aiki kan zinare a 1951. Georges Matheron a Faransa ne ya gina masa lissafi daga baya, ya laƙaba sunan. Don haka "kirigin" kawai, kamar yadda muka karɓi dizal.

Abin da ya fi da shi gaskiya ne. A ce ma'auni uku ne, kowanne kilomita 5 daga gona. Biyu suna gabas, kusan jingine da juna, sun sami 30 da 32. Ɗaya yana yamma shi kaɗai, ya sami 6. Nauyin kusanci zai ba su daidai wa daida, amsa kusan 22.7. Kirigin zai lura cewa na gabas shaidu biyu ne 'yan gida ɗaya, abu ɗaya suka gani. Sai ya kusa haɗe su, amsar ta sauko wajen 18 ko 19. Kuma yana ba da taswira ta biyu, mai nuna inda ƙiyasin yake da rauni.

Amma kafin nan sai an gina `variogram`: a ɗauki tashoshi bibbiyu, a ga yadda bambancinsu yake ƙaruwa da nisa, har inda ya daina ƙaruwa. Tashoshi 14 suna ba da haɗi 91 kacal, a raba su rukuni-rukuni na nisa, kowane rukuni ya rage 'yan kaɗan. Ɗigon sai su watse, mutum ya ja layin da ransa ya so. Masana da yawa suna son a kai wajen tashoshi 100.

Malam Garba: Ga shi ruwanmu na hadari ne. Ana sheƙa shi a Samaru, Sabon Gari ƙura ke tashi.

Dakta Hauwa: Haka ne, Malam. A ruwan kwana ɗaya, tashoshi masu nisa kusan ba su san labarin juna ba, kirigin sai ya koma ba da matsakaici in an yi nesa da tasha. Jimillar wata ko ta damina ta fi biyayya. Nafisa, kada ki yarda da maganata ko ta Sani. Cire tasha ɗaya, ki ƙiyasta ta da sauran 13, ki gwada da abin da aka auna, ki maimaita sau 14. A `gstat` na manhajar R, layin farko na nauyin kusanci ne, na biyu na kirigin, inda `m` ne `variogram` ɗin da kika gina:

```r
krige.cv(ruwa ~ 1, tashoshi, set = list(idp = 2))
krige.cv(ruwa ~ 1, tashoshi, model = m)
```

Wadda kuskurenta ya fi ƙanƙanta ita za ki ɗauka. Ki kuma mai da wuraren zuwa mita tukuna, lambar tsarin taswirar da ta dace da Zariya ita ce `EPSG:32632`.

Nafisa: Na gode ƙwarai, Dakta. Na rubuta ƙiyasin tsakani, shimfiɗa, nauyin kusanci, kirigin. Wannan gwajin zan kira shi "cire ɗaya". `variogram` fa?

Sani: Ni har yanzu kirigin bai gamsar da ni ba, malamin gona ba zai fahimci komai daga jinsa ba. Na biyun kuma "zanen bambanci da nisa".

Auwal: Ya yi tsawo a baki, Sani. "Jadawalin nisa" fa?

Dakta Hauwa: Jadawali layi-layi ne, wannan kuwa zane ne mai lanƙwasa, kuma an yar da bambancin, wanda shi ake aunawa. Nafisa, sa na Sani a takardar, ki karanta wa malaman gona biyu ko uku, ki dawo mana da abin da suka ce sun fahimta.