Gasar Kaka: Ƙwallon Ne Ke Kawo Kuɗin ko Masu Talla?

Shugaban matasa: Salamu alaikum jama'a. Famfon tuƙa-tuƙa na bakin masallaci ya kusa wata uku a lalace, mata na zuwa har unguwar gabas ɗibar ruwa. Ni a ganina babu abin da zai tara mana kuɗin gyara da sauri kamar gasar ƙwallo. Mu gayyato ƙungiya 16 daga ƙauyukan kusa bayan an kai amfani gida, kowacce ta biya kuɗin rajista, kuma mu riƙa yi duk shekara. Wanda yake da ja ya yi magana.

Ma'ajin ƙungiya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ina da ja, kuma littafin gasar bara yana gabana. Ƙungiya 16 kowacce ta biya naira 10,000, an tara 160,000. Kwanon da aka riƙa zagayawa da shi cikin 'yan kallo ya kawo 35,000 a duk gasar. Jimla 195,000 ke nan.

To ga inda kuɗin ya tafi. Kyautar na ɗaya 70,000, na biyu 40,000, na uku 20,000. An buga wasa 16 har da na neman na uku, kowane wasa alƙali da mataimakansa sun karɓi 3,000, ya zama 48,000. Ƙwallo biyu 30,000, don ta farko ƙaya ta fasa ta tun a wasa na biyar. 'Yan sintiri 32,000. Hayar lasifika da man janareta 20,000. Duka 260,000. Saura 65,000 ɗin da bai cika ba mu shida muka yi karo-karo muka biya, ni sai da na sayar da kwano goma sha biyu na riɗina. Kuɗin rajista ba namu ba ne, na 'yan wasa ne, hannunmu kawai yake bi ya koma musu a matsayin kyauta.

Shugaban matasa: Yaya, to a ninka rajistar mana. A ce 20,000.

Ma'ajin ƙungiya: In ka ninka rajista sai ka ninka kyauta, in ba haka ba babu mai zuwa. Kociyoyin ƙauyukan nan su ma sun iya lissafi, abin da suke fara tambaya shi ne nawa ake ci. Ko 10,000 ɗin ma bara ƙungiya huɗu sai ranar wasansu suka cika, bayan na yi ta bin su a waya.

Ɗan acaɓa: Ai matsalar a fili take, kallon kyauta ake yi. Ranar wasan ƙarshe mutane har kan bishiyar darbejiya. Da kowa ya biya 100 a ƙofa da an wuce wurin. A kewaye filin da zana a sa ƙofa ɗaya.

Malamin firamare: Maganarka gaskiya ce rabi, amma ka auna filin tukuna. Ni na auna shi da yara lokacin wasannin makaranta. In za a bar wa 'yan kallo wurin tsayuwa, tsawo zai kai mita 120, faɗi 80, zagayen mita 400 ke nan. Zana mai kyau ba ta cika wuce mita uku ba, ka ga ana neman fiye da 130, ban da dirkoki da igiya da masu kafawa. Kuma zana ba katanga ba ce, yaro da yatsa biyu zai buɗe ta. Sannan filin na makaranta ne, hedimasta ya ba mu aro ne da yamma, ba zai yarda a toshe shi mako uku yara na zuwa karatu ba.

Kawu mahauci: Shi ya sa tun bara nake cewa ku bar ƙwallon nan ku sa dambe. Fagen dambe ƙarami ne, taku talatin ta kowane ɓangare ya isa har da 'yan kallo, zana 40 ta rufe shi ruf. Kuma mai son dambe ya saba biyan kuɗin ƙofa, ba ya jayayya. Sana'ar gidanmu ce, lokacinta ma shi ne kaka. Ku samo makaɗi da 'yan dambe shida masu suna ku ga jama'a daga Ringim har Garki.

Na'ibin liman: Kawu, da girmanka, amma ban goyi baya ba. Ba damben kansa nake ji ba, abin da ke biyo shi nake ji: caca a bayan zana, da samarin da ba mu san daga inda suke ba, da wasa har bayan magariba. In aka karya wa ɗan wani muƙamuƙi wa zai kai shi asibiti, da kuɗin wa? Ruwan da za a yi alwala da shi ake nema wa kuɗi, a duba hanyar.

Kawu mahauci: Malam, a ƙwallon bara ma an karya ƙafa, kuma an yi jifa da duwatsu ranar kusa da na ƙarshe. Rigima ba ta dambe kaɗai ba ce.

Ma'ajin ƙungiya: Nan ka yi gaskiya Kawu. Sai dai 'yan dambe masu suna ba sa zuwa don Allah, sai an biya motarsu da abincinsu da na makaɗi kafin a naɗe hannu. Wannan kuɗi ne a gaba, mu kuma asusunmu babu ko sisi.

Ɗalibi daga Dutse: Ni dai ina ganin mu ɗaga kai sama. Me zai hana mu yi baje koli irin na Kano da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA ke shiryawa ƙarshen shekara? A kawo kamfanonin taki da na sola, manoma su baje riɗi da zoɓo.

Dattijo dillalin hatsi: Ɗana, baje kolinmu ai kasuwar Gujungu ce, duk Lahadi take ci, ba mai gayyatar kowa. Mai dabba kuma ya san hanyar Maigatari ranar Alhamis. Manomin da ke da buhu biyar na riɗi ba zai kawo shi filin makaranta ba alhali masu saye da manyan motoci suna can. Kamfani kuwa ba ya ɗauko ma'aikata saboda ƙauye ɗaya. Abin da zan ce ku riƙe daga maganarka shi ne rana: duk abin da za ku yi, kada ku sa shi ranar Lahadi. Bara wasa biyu kuka sa Lahadi, filin ya zama kamar an yi shara.

Iya mai awara: Ku yi haƙuri 'ya'yana, jikata ce ke rubuta mini. Tun ɗazu ina ji kuna neman kuɗi a wurin masu gudu da masu kallo, kun manta da mu da muka ci ribar gasar. Ni a rana ta yau da kullum kwano ɗaya na waken suya nake yi, wani lokaci ma ya kwana. Lokacin gasar nan kwano biyu nake jiƙawa, ranar ƙarshe uku, kuma kafin a busa tashi babu ko gutsure. Mai rake ya sayar da dami huɗu a yini ɗaya, a gabana. Masu zoɓo da ƙanƙara, mai tsire, masu gyaɗa da ɗanwake, babu wanda aka ce ya ba da ko naira. Ni zan biya 300 kullum ban ji komai ba. Amma da sharaɗi: a yi mana rumfa ko ta kara ce, a jera mu gefe ɗaya nesa da ƙura, kuma wanda bai biya ba kada ya zo ya tsugunna a gabana da tirensa.

Ma'ajin ƙungiya: Iya, Allah ya saka da alheri, wannan ita ce maganar. Bari in lissafa da ƙaramin ƙiyasi don kada mu yaudari kanmu. Wasa takwas na zagayen farko jama'a ba sa cika, a ce masu sayarwa 10, kowa 300, ya ba da 24,000. Wasa takwas na baya a ce 25, ya ba da 60,000. An sami 84,000.

Sai babura. Bara ko'ina aka ga dama ake jingine su. In aka ja igiya aka ware wuri, 100 kowane babur, 15 a rana a zagayen farko da 40 a na baya, zai kawo 44,000. A cire 16,000 na masu gadi biyu, saura 28,000. In an haɗa da na rumfa 112,000 ke nan. A toshe ramin 65,000 irin na bara, abin da zai rage 47,000, kuma ban cire kuɗin kafa rumfar ba. Ba wani babban arziki ba ne, amma makanikin famfo ya ce roba da sanda biyu da aikinsa 40,000 ne.

Ɗan acaɓa: Kan babura ku yi hattara. Ranar da kuka karɓi 100 ɗin mutum kun ɗauki amanar babur ɗinsa. Ɗaya ya ɓace, ribar shekara goma ba ta biya ba. Sai an yi kati mai lamba gida biyu, rabi a ɗaure a kan babur, rabi a hannun mai shi, ƙofa ɗaya tak, kuma ba a ba yaro gadi. Wanda ya yar da katinsa ya jira sai kowa ya watse.

Shugaban matasa: To ai kun dawo kan maganata. Ba ƙwallo, ba masu awara, ba babura.

Ma'ajin ƙungiya: Ƙwallo ta tara jama'a, ban musa ba. Abin da na musa shi ne cewa rajista za ta gyara famfo. Kuma in har za a maimaita duk shekara, a sami wanda zai ɗauki kyautar na ɗaya, wannan 70,000 ta dawo asusu kai tsaye.

Ɗalibi daga Dutse: Kansila zai bayar in aka sa sunansa a kofin.

Na'ibin liman: Ranar da sunan ɗan siyasa ya hau kofin, rabin garin sun daina zuwa, kuma shekarar da ba zaɓe ba za ku gan shi ba. Gara ɗan kasuwa ɗan gari, a ambaci shagonsa a lasifika.

Dattijo dillalin hatsi: Zan yi magana da masu sayen riɗi biyu da nake hulɗa da su, ban yi alkawari ba. Amma ku tsayar da lokaci yanzu. Kuɗi na hannun mutane ne daga an sayar da riɗi zuwa a gama yankan dawa. Kuka wuce haka samarin sun tafi cirani, masu bugawa da masu kallo duka.

Malamin firamare: Akwai abin da ba a taɓa ba. 'Yan mata ƙanana masu tallan gyaɗa a ka, jarinsu duka bai kai 1,500 ba. Su ma 300 za a karɓa? Iyayensu za su ce ƙungiya ta zama 'yan haraji.

Iya mai awara: In aka ce su kyauta, gobe kowacce mai rumfa za ta juye kayanta a tire ta ba 'yarta. Na san halinmu. A sa musu 50.

Malamin firamare: Ni ko 50 ɗin ban yarda ba Iya, wasu marayu ne.

Ma'ajin ƙungiya: Wannan a kai shi gaban mai unguwa ranar Juma'a bayan la'asar, dama sai da izininsa za a karɓi kuɗin wuri. Malam, ka taho da amsar hedimasta kan filin. Kawu, ka tambayo mana kuɗin zana goma da dirka ashirin na rumfar su Iya.

Kawu mahauci: Zan tambayo. Amma maganar dambe ban janye ba, zan sake tayar da ita a gaban mai unguwa.