Raba lodi a kan layuka uku: ina neman shawara kafin a ɗaure akwati

Sani Wayarin: Assalamu alaikum manya. Gini ne mai hawa ɗaya, shaguna uku a ƙasa, gidan zama a sama, an kawo masa wuta mai layi uku, ja, rawaya da shuɗi. Kayan da ke ciki: esi huɗu masu doki ɗaya da rabi, hitar ruwa biyu, kukar lantarki mai kilowat 3, samo na burtsatse, firiza biyu, dutsen guga, sai fitilu da fankoki. Niyyata in sa esi da hita a ja, soket da kuka da samo a rawaya, fitilu da fankoki a shuɗi, don ya zo da sauƙin ganewa. Ya yi?

Injiniya Bala: Wa'alaikumus salam. Sauƙin ganewa kam zai yi, amma rabon bai yi ba. Ka lissafa da amfiya. Esi ɗaya kamar 6 yake ja, huɗu 24. Hita mai wat 1,500 tana jan 6.5 a kan bolt 230, biyu 13. To ja ya kwashi 37. A rawaya, kuka 13, samo 5, guga 5, firiza biyu 3, ya zama 26. Shuɗi kuwa fitilu da fankoki duka da kyar su kai 6. Layi ɗaya na nishi, ɗaya na barci.

Wanda zai sha wahalar bambancin shi ne nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta ciki. Idan layukan uku suna jan daidai, abin da ke komawa ta cikinsa yana kashe juna, ya zama kusan babu. Idan sun bambanta, ragowar ta nan take bi. Ga lissafin, a, b da c amfiyar layukan uku ne, In kuma ta nutural:

```
In = √(a² + b² + c² − ab − bc − ca)
```

Sa 37, 26 da 6, za ka samu kusan amfiya 27 a nutural. Sannan fis ɗin ja ne zai fi shan wahala da rana tsaka, wutar ja ta yi ƙasa, kwamfiresan esi ya riƙa kasa tashi.

Sani Wayarin: To yaya zan jera su, Injiniya?

Injiniya Bala: Fara da mai nauyi, ƙanana su cike giɓi. Jimla 69 ce, kowane layi ya nemi kusan 23. Ja ya ɗauki kuka, esi ɗaya, firiza ɗaya da kaso ɗaya cikin uku na fitilu, 22.5 ke nan. Rawaya ya ɗauki esi biyu, hita ɗaya, ɗaya firizar da nasa fitilun, 22. Shuɗi ya ɗauki esi ɗaya, ɗaya hitar, samo, soket ɗin guga da sauran fitilu, 24.5. Nutural ya sauko wajen amfiya 2 zuwa 3 a takarda. A zahiri zai ɗan fi haka, domin inji da hita ba iri ɗaya suke jan wuta ba, amma ba abin damuwa ba ne.

Raba fitilu uku yana da wata riba: layi ɗaya ya ɗauke, gini ba zai yi duhu gaba ɗaya ba.

Ɗan Sabon Gari: Ni fa duk wannan lissafin ban ga amfaninsa ba. A unguwarmu yau ja ne ke da wuta, gobe shuɗi. Ka sa masa canjoba mai zaɓar layi kawai, duk wanda ya fi ƙarfi a juya can.

Hajiya Injiniya: Ɗan Sabon Gari, wannan wata tambaya ce daban. Mai zaɓar layi yana ɗora ginin duka a kan layi ɗaya ne. A gida mai ɗaki biyu ba laifi. A nan kuwa amfiya 69 za ta bi fis ɗaya da waya ɗaya, ta dawo duka ta nutural. Idan katawut ɗin, wato babban fis na shigowar wuta, na 60 ne, ka ga inda za a kwana. In dole sai an yi, a ware ƙaramin akwati na fitilu, fankoki da firiza, shi kaɗai ya bi ta mai zaɓar layin.

Abin da zan ƙara a kan rabon Injiniya Bala shi ne lokaci. Kayan ba tare suke aiki ba. Shaguna da rana, esin ɗakunan kwana da dare, hita da asuba. Idan esi biyun da ke rawaya duk na ɗakin kwana ne, to da dare rawaya ne zai ɗauki yawancin nauyin. A haɗa esin shago ɗaya da na ɗaki ɗaya a can. Sani, tambayi mai gida wane ɗaki ake kwana a ciki kafin ka ɗaura.

Malam Isa Dibi: Hanya mafi sauƙi, ka tara lambobin bireka. Kowane layi jimlarsa ta zo ɗaya, shi ke nan. Kuma tunda an daidaita, nutural zai iya zama rabin kauri, a rage kuɗin waya.

Injiniya Bala: Malam Isa, jera bireka bi da bi a akwati mai layi uku daidai ne, ja, rawaya, shuɗi, a sake. Amma lambar bireka ta waya ce, ba ta abin da ake ja ba. Birekan esi 20 ne alhali 6 yake ja, na kuka 32 alhali 13. Zancen rage nutural kuwa a bar shi. Duk kayan ginin nan masu layi ɗaya ne, daidaiton yana rushewa duk lokacin da aka kashe wani abu. In layuka milimita 16 ne, nutural ma 16. Balle in za a kawo janareta mai layi ɗaya a haɗe layukan uku a canjoba: a lokacin babu kashe juna, duka jimlar nutural ne zai ɗauka.

Maman Shago: Ni ba ma'aikaciya ba ce, amma a shagona fitila tana ƙara haske idan maƙwabci ya kunna injinsa, caja biyu sun ƙone. Rashin raba lodin ne?

Hajiya Injiniya: Maman Shago, ki kashe babban makunni, ki kira mai gyara yau. Wannan alamar nutural ne ya saki ko ya tsinke. Rashin daidaito kaɗai yana sa waya zafi da wuta ƙasa, amma ba ya ƙone caja. Idan nutural ya yanke, kayan layi biyu sukan shiga jere a kan bolt 400, kuma mai ƙaramin ja ne ke kwasar mafi yawa. Injin ya samu kaɗan, cajarki ta samu fiye da 300. Mai gyaran ya auna kowane layi da nutural alhali kaya na aiki. In ɗaya ya nuna 180 wani 280, a bi mahaɗar nutural a katawut, mita, canjoba da kan fol. Sau da yawa inda aka murɗa wayar alminiyom da ta jan ƙarfe ne ya ci.

Sani Wayarin: Na gane. Amma da wannan rabon, falo zai samu esi a rawaya, soket a shuɗi. Ba haɗari?

Malam Isa Dibi: Ni ba na yarda da layi biyu a ɗaki ɗaya. Tsakaninsu 400 ne.

Injiniya Bala: Esi da ke kan wayarsa shi kaɗai da makunninsa bai dame ni ba. Abin da ba a yi shi ne layi biyu a cikin kwalin makunni ɗaya, ko soket biyu dab da juna a layi daban. Kicin da banɗaki dai na fi son soket ɗinsu duka a layi ɗaya.

Malam Isa Dibi: Har yanzu ban gamsu ba. Wanda zai zo gyara bayan shekara biyar bai san haka ba.

Hajiya Injiniya: Shi ya sa ake rubuta jadawali a manna a murfin akwati. Sani, bayan an tare, ka koma da kilam mita ta auna amfiya sau biyu, da azahar da kuma wajen ƙarfe tara na dare. Auna layukan uku da nutural ɗaya bayan ɗaya. In wani ya wuce matsakaicinsu da fiye da amfiya 4 ko 5, ka mayar da hita ko firiza ɗaya, ka gyara jadawalin. Ka bar gurbin bireka biyu a kowane layi, domin mai shago ba ya shawara kafin ya kawo sabon firiza.

Ɗan Sabon Gari: To idan shuɗin ya kwana uku babu wuta, samon fa?